Idan majigi ko kwamfuta ta ƙi aiki ranar gabatarwa: kwafin PDF da gajeren tsari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne, kuma zan gabatar da bincikena kan ajiyar wake a gaban malaman sashenmu. An ba ni minti 20, na shirya shafuka 24 a PowerPoint, har da bidiyo na minti 2 da jadawalai. Wanda ya gabatar kafin ni a zaman da ya wuce majigi ya ƙi karɓar kwamfutarsa, lokacinsa ya ƙare ana ta gyara. An ce in yi kwafin PDF da kuma gajeren tsari. Yaya ake yin su, kuma sun wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar da aka ba ka daidai ce, amma kafin ka fara aiki ya kamata ka san cewa kwafin PDF da gajeren tsari ba matsala ɗaya suke magancewa ba. PDF yana cetonka idan kwamfutarka ce ta ƙi, domin kusan kowace kwamfutar da za a aro maka tana iya buɗe shi, kuma zai fito yadda ka tsara shi. Idan majigin ne ya mutu, PDF ɗin da ke cikin filash ba zai yi maka komai ba sai in ka riga ka buga shi a takarda ko ka tura shi wayoyin mutane. Shi kuwa gajeren tsari maganin lokacin da ya salwanta ne, kuma lokaci yana salwanta a kowace irin matsala, ko an gyara ta daga baya ko ba a gyara ba. Saboda haka abin da kake buƙata shi ne ka san wace matsala ce ta same ka, ka kuma san wane kaya za ka ɗauko dominta.

Bari mu fara da PDF, tunda a nan ne mutane suka fi zaton sun gama alhali ba su gama ba. A PowerPoint ana bin `File`, sannan `Export`, sannan `Create PDF/XPS Document`. Idan da Google Slides kake aiki, hanyar ita ce `File`, `Download`, sannan ka zaɓi PDF, kuma LibreOffice Impress ma yana da `Export as PDF`. Wannan aikin minti ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci shi ne gyaran da ya kamata ka yi kafin ka danna, domin PDF hoton shafi ne a tsaye, ba ya ɗaukar motsi. Idan a shafin sakamakonka ka tsara ginshiƙan zane su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ko ka sa wani hoto ya zo ya rufe wani bayan ka danna, to a PDF duka za su fito lokaci guda, wani a kan wani. Na sha ganin shafin da rubutu uku suka hau juna har ba a iya karanta ko ɗaya, mai gabatarwa kuma bai sani ba sai da ya bayyana a bango, domin bai taɓa buɗe PDF ɗin ba tun da ya yi shi.

Maganin wannan shi ne ka yi kwafin fayil ɗin daban, ka bi shafukan da ke da motsi, ka raba kowanne zuwa matakai. Idan shafi na 15 yana nuna sakamakon buhu iri uku a jere, sai ka ninka shi ya zama shafuka uku: na farko da iri ɗaya, na biyu da iri biyu, na uku da duka ukun. Idan kana wucewa daga shafi zuwa shafi, masu kallo za su ga abin yana ƙaruwa kamar yadda motsin zai nuna. Inda motsin ado ne kawai, ka cire shi gaba ɗaya, kuma a ra'ayina mafi yawan motsin da ɗalibai ke sakawa ado ne. Bidiyon naka ma zai koma hoto ɗaya mara motsi. Ka ajiye shi daban a matsayin fayil ɗin MP4 kusa da PDF ɗin, sannan a wurin da yake a cikin shafukan ka sa hotuna uku ko huɗu da ka ciro daga cikinsa, waɗanda ke nuna abin da kake son a gani, kamar yadda ake ɗaure bakin buhun da yadda waken ya kasance da aka buɗe. Ta haka ko bidiyon bai buɗe ba, ko ba sauti a ɗakin, hujjarka tana nan.

Abu na biyu da PDF ke zubarwa shi ne bayanan da ka rubuta wa kanka a ƙarƙashin kowane shafi. Wanda ya saba karanta su a fuskar kwamfutarsa yana magana zai tsinci kansa ba komai a gabansa. A cikin akwatin `Options` da ke fitowa lokacin yin PDF akwai wurin da aka rubuta `Publish what`. Idan ka zaɓi `Notes pages` za ka samu wani PDF na biyu mai ɗauke da kowane shafi da bayanansa a ƙasa. Wannan naka ne kai kaɗai, ka buga shi a takarda ka riƙe, kada ka haɗa shi da wanda za a haska. A cikin akwatin nan kuma ka lura cewa shafukan da ka ɓoye ba sa shiga PDF sai ka zaɓi `Include hidden slides`, wanda ke da amfani idan ka ajiye wasu jadawalai a ƙarshe domin amsa tambayoyin malamai.

Akwai fa'idar PDF da ta shafe mu musamman. Idan a cikin shafukanka akwai kalmomin Hausa, kamar sunayen ƙauyuka ko maganganun manoman da ka yi hira da su, haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ ga masu rubutu irin na Nijar, ba kowane salon rubutu ne yake da su ba. Fayil ɗin PowerPoint da aka buɗe a kwamfutar da ba ta da salon da ka yi amfani da shi zai musanya shi da wani, sai layuka su goce, rubutu ya fita daga akwatinsa, haruffan nan kuma su fito da wata siffa dabam ko su zama ƙananan akwatuna. PDF yakan tafi da salon rubutunsa a cikinsa, shi ya sa ya fi aminci. Duk da haka kada ka ɗauka a ka. Ka buɗe shi a wata kwamfutar da ba taka ba, ka duba shafukan duka ɗaya bayan ɗaya, kana neman rubutun da ya yanke, abin da ya hau wani, da haruffan da suka canza.

Ka kuma koyi yadda ake haska PDF ya cika bango, domin ba kyau a ga mai gabatarwa yana jan shafi sama da ƙasa da linzami. A Adobe Acrobat Reader, `Ctrl+L` yana cika fuska, maɓallan kibiya suna kai ka gaba da baya, `Esc` kuma yana fitar da kai. Idan kwamfutar da aka aro ba ta da shi, Edge ko Chrome za su buɗe PDF ɗin ba tare da intanet ba, sai ka daidaita girman ya zama shafi ɗaya a fuska, ka danna `F11`. Ka gwada duka hanyoyin biyu a gida.

Yanzu ga gajeren tsari, wanda ya fi wahala domin aikin tunani ne, ba na danna maɓalli ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya riƙe shafukansa 24 ya ce zai yi sauri. Abin da ke faruwa kullum iri ɗaya ne: gabatarwa da bitar ayyukan magabata suna farkon fayil, sakamako yana ƙarshe, don haka idan shugaban zama ya ce lokaci ya yi, abin da aka ji shi ne abin da wasu suka gano, abin da kai ka gano kuma ba a ji ba. Gajeren tsari ana gina shi daga baya zuwa gaba. Ka fara da rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da bincikenka ya nuna, sannan ka tambayi kanka waɗanne shafuka ne in babu su malaman ba za su yarda da wannan jimla ba. Su ne kawai za su shiga.

Mu ɗauka shafukanka suna bin tsarin da aka saba: na 1 take, na 2 jerin abubuwan da za a tattauna, 3 zuwa 7 shimfiɗa da bitar ayyukan magabata, 8 da 9 matsalar bincike da manufofi, 10 zuwa 13 hanyar bincike, 14 zuwa 19 sakamako, na 20 bidiyo, 21 da 22 tattaunawa, na 23 shawarwari, na 24 godiya. Ina ba ka shawarar ka shirya tsari na minti 8 da shafuka 7, domin idan matsala ta ci rabin lokacinka, minti 8 za su shiga cikin goman da suka rage har a samu ɗan sarari. Shafin take zai ɗauki rabin minti, kuma a kansa za ka faɗi jimlar nan ta sakamako tun daga farko. Matsala da manufa su haɗu a shafi ɗaya na minti 1, kuma duk bitar ayyukan magabata ta koma jimla biyu da za ka faɗa da baki a nan. Hanyar bincike, wadda ta ci shafuka huɗu, sai ka sake rubuta ta a sabon shafi ɗaya na minti ɗaya da rabi, mai nuna inda aka yi gwajin, irin buhunan da aka gwada, adadin samfur, tsawon lokacin ajiya, da abin da aka auna. Kada ka yanke hanyar bincike fiye da haka, domin a kanta malamai suka fi yin tambaya, kuma ba su da dalilin yarda da sakamakon da ba su san yadda aka same shi ba. Daga shafukan sakamako shida ka zaɓi uku, ka ba su minti 4, wato rabin lokacin duka, ka kuma shigar da tattaunawar a cikinsu maimakon ka ware mata wuri. Shawarwari su ɗauki minti 1 na ƙarshe. Jerin abubuwan da za a tattauna, bidiyo da shafin godiya duk sun fita.

PowerPoint yana da hanyar zaɓen wasu shafuka daga cikin fayil ɗaya, a `Slide Show`, sannan `Custom Slide Show`, kuma tana aiki. Amma ga irin halin da muke magana a kai na fi son fayil daban, domin wasu shafukan sababbi ne da aka haɗa, kuma a lokacin ruɗani buɗe fayil ya fi sauƙi fiye da neman wani zaɓi a kwamfutar da ba ka saba da ita ba. Shi ma ka mayar da shi PDF. Idan kuwa matsalar ta zo a tsakiyar jawabi, bayan ka riga ka fara da cikakken tsari a PowerPoint, ba sai ka canza fayil ba: rubuta lambar shafi ka danna `Enter` yana kai ka can kai tsaye, saboda haka ka rubuta lambobin shafukan sakamakonka uku da na shawarwari a saman takardar da ke hannunka.

Gajeren tsarin nan sai ka yi atisayensa da murya a bayyane, da agogo a gabanka, domin jawabi ne dabam. Jimlolin da ke haɗa shafi da shafi a cikakken tsari ba za su yi aiki a nan ba, tunda abin da ke tsakani ya fita. Idan a gwajin farko ka kai minti 11, kada ka ƙara saurin magana, ka cire wani abu.

Saura halin da majigin kansa ya mutu ko wuta ta ɗauke ba ta dawo ba. A nan takarda ce abin dogaro. Ka buga wa kowane malamin da zai saurare ka kwafin gajeren tsarin, shafuka biyu ko uku a fuskar takarda ɗaya, da ƙarin kwafi biyu. Shida a takarda ɗaya yana rage kuɗi, amma alƙaluman jadawali sukan yi ƙanƙanta har su gagari karantawa, don haka babban jadawalinka ka ba shi takarda guda shi kaɗai. Ka tuna cewa yawancin shagunan buga takardu baƙi da fari suke bugawa, kuma layi ja da layi kore a zane sukan koma toka iri ɗaya. Ka duba zanenka ta `View`, sannan `Grayscale`, in ba a bambance layukan ba sai ka rubuta sunan kowane layi a jikinsa, ko ka mayar da ɗaya mai ɗigo-ɗigo. Shafukan da ke da bango mai duhu ma ka mayar da su fari kafin bugawa. Ka tabbata kowane shafi yana da lamba kuma kowane jadawali yana da suna, domin in babu bango da za ka nuna, abin da zai haɗa ka da masu sauraro shi ne ka ce su duba Jadawali na 2 a shafi na 5. Sauran ɗalibai da ke ɗakin ana iya tura musu PDF ɗin ta WhatsApp, shi ya sa yana da kyau ya zama mara nauyi. Zaɓin `Minimum size` lokacin yin sa yana rage girmansa, sai dai ka duba ko hotunan ba su dushe da yawa ba.

Inda ka ajiye fayilolin ma yana cikin shirin. Kwafin da ke kan kwamfutarka kaɗai zai tafi tare da ita idan ta ƙi tashi. Ka sa su a filash, a cikin wayarka a sauke, da kuma imel ɗinka, kada ka dogara da na imel kaɗai tunda ba ka da tabbacin samun intanet a ɗakin. Filash ɗin ya zama wanda ba ka yawo da shi a shagunan buga takardu, domin a can ake yawan kwaso cutar kwamfutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Sunayen fayilolin su zama gajeru, masu lamba, ba haruffa masu ƙugiya, yadda ko wani ne zai buɗe maka za ka ce masa lamba kaza:

```
1-cikakke.pptx
2-cikakke.pdf
3-gajere.pdf
4-bidiyo.mp4
```

Yin PDF ya zama aikin ƙarshe. Idan ka gyara ko da lamba ɗaya a daren ranar, sai ka sake yin PDF ɗin duka biyu ka sake kwafa su ko'ina, ka kuma sake buga takardun, in ba haka ba abin da ke bango zai saɓa wa abin da ke takardar malamai, kuma wannan ya fi matsalar majigi illa a wurin kare bincike.

A ranar, ka je da wuri ka gwada a ɗakin da za a yi zaman, da majigin da za a yi amfani da shi. Ka san bakin da kwamfutarka take da shi da wanda majigin yake karɓa. Tsofaffin majigai da yawa VGA suke amfani da shi, mai baki shuɗi, sababbin kwamfutoci kuma HDMI ko USB-C kawai suke da shi, saboda haka adafta taka ce, kada ka sa ran samu a can. VGA ba ya ɗaukar sauti, abin da ya shafi bidiyonka. Ba kowane bakin USB-C ne yake fitar da hoto ba, a kwamfuta ko a waya, don haka kada ka lissafa wayarka cikin abin da za a haɗa da majigi sai ka gwada ka gani.

Idan matsala ta zo, dubawa biyu za ta gaya maka irinta. Idan majigin yana haska bango da shuɗi ko yana rubuta `No Signal`, lafiyarsa ƙalau, saƙon ne bai isa gare shi ba. Ka danna maɓallin Windows tare da `P` ka zaɓi `Duplicate`, ka danna `Source` ko `Input` a jikin majigin har ya zo kan bakin da aka soka wayar, sannan ka cire wayar ka mayar. Idan ukun nan ba su yi ba, ka daina, ka sa filash a kwamfutar da ta riga ta yi aiki da majigin a ranar, ka buɗe PDF. Idan kuwa bangon ba haske ko kaɗan kuma fitilar `Lamp` ko `Temp` tana ja, matsalar majigin ce, canza kwamfuta ɓata lokaci ne, sai a raba takardu. Ɗaukewar wuta tana tsakanin biyun. Kwamfutarka za ta ci gaba da batir, amma majigi mai ƙwan fitila da ya mutu da zafinsa yakan ƙi kunnuwa nan take ko da an tayar da janareta, sai ya ɗan huce, sannan haskensa ya ɗauki lokaci kafin ya cika. Kada ka tsaya jiransa, ka ci gaba da magana daga takarda, idan ya dawo ka tsallaka zuwa shafin da ka kai.

Tun kafin ranar ka yanke wa kanka iyakar jira, kuma ni minti 3 nake bayarwa. Dalilin yanke ta tun a gida shi ne, a lokacin gyara kowa yana jin cewa saura ƙiris abin ya yi, kuma da wannan jin ne wanda ya gabace ka ya rasa lokacinsa. Ka roƙi wani abokin karatunka tun da wuri cewa idan wani abu ya faru shi zai tsaya kan wayoyi, kai kuma ka fuskanci jama'a, domin mutum ɗaya ba ya gyara na'ura yana jawabi. Idan minti ukun suka cika, ka juya ga shugaban zama cikin ladabi ka ce, “Ranka ya daɗe, da izininka zan ci gaba da takardun da ke gabanku, minti nawa suka rage mini?” Amsarsa ce za ta zaɓa maka tsari. Idan ya ce za a ba ka lokacinka cikakke, ko abin da ya rage ya kai minti 17, ka bi cikakken tsarin ka tsallake bidiyon. Idan abin da ya rage yana tsakanin 12 da 16, ka ɗauki gajeren tsarin ka ƙara masa sauran shafukan sakamakon da ka cire, gwargwadon sararin da ka samu. Ƙasa da haka kuwa, shafuka bakwai ɗin nan su ne jawabinka, kuma sauran jadawalan suna cikin cikakken PDF da takardar bayananka idan aka tambaye ka a kansu lokacin tambayoyi.